Ungulu da Gidanta na Tsamiya

Kwanakin baya ina zaune a rumfar wani mai shayi a Rano, sai ga wani saurayi ya zo wucewa karo na uku ta ƙofar wani gida, yana tafe yana gyara hula. Wani dattijo da ke gefena ya bi shi da kallo, ya girgiza kai, ya ce, "Ungulu ba ta jewar banza." Kowa ya gane, aka yi dariya. Ni kuwa sai na samu kaina ina ɗaga kai sama. Hantsi ya dubi ludayi, rana ta fara cizo, lokacin da a da sararin Rano kan cika da baƙaƙen fukafukai. Shirwa ɗaya na gani, sai wasu hankaki biyu a kan turken lantarki. Karin maganar tana nan daram a bakin mutane, amma mai jewar babu ita.

Tun ranar nake juya wasu kalmomi huɗu da Bahaushe ya rataya wa wannan tsuntsuwa: jewa, mushe, ƙazanta da tsamiya. Ina ganin idan aka buɗe cikin kowace ɗaya, za a tarar kakanninmu sun kalli ungulu da idon basira, sun ga daidai, amma da aka zo yanke mata hukunci sai aka zalunce ta.

Mu fara da jewa. Bahaushe bai ce ungulu tana tashi ba, bai ce tana fiffika ba, duk da yana da waɗannan kalmomin. Fiffika aikin tattabara ne da kurciya, masu dukan iska da ƙarfin ƙirji. Jewa kuwa shimfiɗa fukafukai ne a bar iska ta yi ɗawainiya. Wanda ya zaɓi wannan kalma ya daɗe yana kallon sama, domin a nan asirin neman abincin ungulu yake.

Mushe ba shi da ranar kasuwa. Ba wanda ya san inda akuya za ta faɗi gobe, ko wace saniya ce ba za ta ga damina ba. Duk mai rayuwa da irin wannan abinci dole ya duba ƙasa mai faɗin gaske, kuma ya duba ta da araha, don idan ƙarfin da ya ƙona wajen nema ya fi wanda ya samu wajen ci, yunwa za ta kashe shi. Kura tana nema da ƙafa, shi ya sa iyakarta kusa. Ungulu kuwa rana take jira. Idan rana ta bugi ƙasa, musamman fako da gonakin da aka girbe da falalen duwatsu irin waɗanda suka kewaye Rano, iskar da ke kansu takan yi zafi, ta yi sauƙi, ta miƙe sama kamar hayaƙin da ba a gani. Duk wanda ya taɓa ganin guguwa ta ɗauki ƙura da karmami ta murɗa su sama a bazara, ya ga 'yar ƙanwar wannan iska da idonsa. Ungulu takan faɗa cikinta, ta karkata fiffike, ta riƙa kewayawa don kada ta fita daga cikin rukunin iskar, ita kuwa iskar tana ɗaga ta. In ta kai inda take so, sai ta miƙe ta zurara a hankali har ta tarar da wata iskar mai tashi, ta sake hawa. A haka manyan ungulaye kan share kilomita fiye da ɗari a wuni guda ba su kaɗa fiffike ba sai jefi-jefi.

Wannan ya nuna mana wani abu game da karin maganar. Mutane da yawa suna zaton duk inda aka ga ungulu tana kewaya, to akwai mushe a ƙarƙashinta. Ba kullum ba ne. Sau da yawa hawa take yi, tsani take takawa. Amma duk da haka Bahaushe bai yi kuskure ba, jewar ba ta banza ba ce, domin da ita ake sayen tsawo, da tsawo kuma ake sayen hange. Babbar 'yar'uwarta ta daji, wadda tsofaffi ke kira maiki, ita ce ta kai wannan sana'a ƙarshe. A ranar 29 ga Nuwamban 1973 wani jirgin sama ya yi karo da ɗaya daga cikinsu a saman Abijan, a tsawon mita 11,300, inda mutum ba zai daɗe a hayyacinsa ba saboda ƙarancin iskar shaƙa.

Ina yaro na ɗauka wari ne ke kiran ungulu, kuma har yau haka yawancin mutane suka ɗauka. Baffana ne ya fara warware mini wannan, ba da littafi ba, da mataccen jaki.

Wata bazara ce mai tsanani, muna tafe da shi da sassafe a kan hanyar ƙafa tsakanin Rano da Kibiya, za mu gaida wata gwaggona. A bakin wata gona muka tarar da jaki ya mutu cikin dare, mai shi ya ja shi ya yar a fili. Ko kumbura bai fara ba, ba wari ko kaɗan. Baffa ya tsaya a inuwar wata ɗorawa, ya ce, "Zauna, ɗana, yau za ka ga yadda ake aika goron gayyata a sama."

Na ce, "Baffa, ai bai fara wari ba, yaya za su sani?"

Ya ce, "Wa ya gaya maka da hanci suke zuwa? Kai dai ka zuba ido."

Hankaka ne ya fara sauka, ya kewaya jakin yana ɗingisa kamar mai taya kaya. Can sai shirwa ta yi ƙasa-ƙasa tana shawagi. Da hantsi ya ɗaga, Baffa ya nuna mini wani ɗigo a sama, ɗigon da in ba an nuna maka ba ba za ka gan shi ba. Ɗigon ya daina kewaya, ya naɗe fukafukai kaɗan, ya sako ƙafafu ƙasa, ya taho a miƙe kamar kibiyar da aka saki daga baka. Kafin ta taɓa ƙasa na hango wata daga gabas ta biyo sahunta, sai wata daga kudu, sai uku tare. Ban gama cin ƙuli-ƙulin da ke aljihuna ba sai da na ƙirga fiye da ashirin, alhali ɗazu sama fes take.

Abin da na gani ran nan shi ne abin da masu binciken tsuntsaye suka tabbatar. Ungulayen Afirka da Asiya da ido suke farauta. Kowace tana sama da ido biyu masu aiki biyu: tana duban ƙasa, tana kuma duban maƙwabciyarta da ke can nesa. A ƙasa ba lallai ta ga mushen kansa ba, ya isa ta ga hankaki sun taru, ko karnuka sun dunƙule wuri ɗaya, ko dabba ta kwanta kwanciyar da mai rai ba ya yi. Da zarar ɗaya ta karya jewa ta sako ƙafa, wadda ke ganinta ta san an samu, sai ta bi. Wadda ke ganin ta biyun ita ma ta bi, ko da ba ta ga ta farkon ba. Haka labari ke tafiya daga fiffike zuwa fiffike, kamar yadda shela ke ratsa kasuwa daga rumfa zuwa rumfa, har ya kai ga wadda ke nisan tafiyar wuni ga mai ƙafa.

Hujjar ido a fili take ga duk makiyayi: dabbar da ta mutu a cikin duhuwa, ko wadda aka lulluɓe da ganye, takan daɗe ungulu ba ta same ta ba ko da warinta ya hana mutane wucewa. Masu bin wari suna can nahiyar Amurka, inda wata ungulu mai jan kai ke shawagi ƙasa-ƙasa a kan kurmi tana sansano gawar da ganye ya rufe. Ita da tamu ba dangin kusa ba ne, sana'a ce ta sa suka yi kama.

Tamu ta gari, mai siririn baki da jan fuska da gashin ƙeya kamar an ɗora mata hula, ta ƙara wata dabara a kan ido, wato sanin halin mutum. Ta san kwata, ta san lokacin da mahauta ke yanka, ta san ranar kasuwar kowane ƙauye, ta san safiyar Babbar Salla. Kuma da yake ba ta da nauyi, kilo biyu ne ko kusa da haka, tana iya tashi tun iska ba ta yi zafi sosai ba, ta riga manya isa.

Sai dai riga isa ba shi ne riga ci ba. A gaban jakin nan na ga iyakarta. Fatar jaki ta fi ƙarfin bakinta, don haka suka yi ta tsattsagar ido da leɓe da ƙarƙashin wutsiya, wuraren da fata ke da taushi. Sai wajen azahar, muna dawowa, muka tarar manya uku sun sauka, masu dogon wuya, kowace ta ninka tamu girma. Su suka faɗaɗa ƙofa, suka zura wuya har kafaɗa cikin jakin. Ƙananan suka koma gefe suna tsintar abin da ya faɗi, daga baya suka bi haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya suna kalace naman da ya maƙale, aikin da siririn baki ya fi kowane baki iyawa. Bayan kwana biyu da Baffa ya sake bi ta wurin, ya ce bai tarar da komai ba sai ƙashi da busasshiyar fata.

A cikin wannan tsari akwai rauni guda da ban gane ba sai da na girma. Raga ce aka saƙa da idanu. Idan idanun suna da yawa, ba abin da ke faɗuwa a ƙasa ba a gani ba. Idan suka ragu, tazarar da ke tsakaninsu takan yi faɗi har wata ta sauka ba wadda ta gan ta. Ke nan raguwar ungulaye ba ta tsaya ga rage bakuna ba, tana makantar da waɗanda suka saura.

Kalma ta biyu ita ce mushe. A wurin Bahaushe Musulmi, mushe hukunci ne kafin ya zama abu: dabbar da ta mutu ba a yanka ba, wadda shari'a ta haramta ci. Muna faɗin kalmar muna kau da kai. Amma kau da kai ba ya kawar da gawa, tana nan inda aka yar da ita, kuma daga lokacin da numfashi ya tsaya wani agogo ya fara bugawa a cikinta. Ƙwayoyin cutar da ke cikin hanji, waɗanda jikin mai rai ke tsare da su, sukan ɓalle su bazu cikin nama. A zafi irin na bazararmu, wasu kan rabu biyu kowane minti 20 idan sun samu yadda suke so. Ƙwaya ɗaya da ta samu wannan dama, cikin awa bakwai ta haura miliyan biyu. Ƙudaje sukan iso tun gawa ba ta huce ba, su zuba ƙwai, kafin wuni ya kewayo tsutsa ta fito. Ƙudan da ya tashi daga can shi ne zai sauka a kan faifan fura. Ruwan da ke tsiyaya daga cikin gawar yana jiran ruwan farko ya kwashe shi zuwa kududdufin da shanu ke sha, yara ke wanka.

Saboda haka tambayar da mushe ke yi wa gari ita ce wa zai riga isa gare shi, kuma cikin kwana nawa za a gama da shi. Masu bincike a ƙasar Kenya, ƙarƙashin jagorancin Darcy Ogada, sun gwada wannan suka wallafa sakamakon a 2012. Sun ajiye gawarwakin dabbobi a fili, suka kwatanta waɗanda ungulu ta samu da waɗanda ba ta samu ba. Inda babu ungulu, gawa ta ɗauki kusan ninki uku na lokaci kafin ta ƙare, masu ƙafa huɗu irin su kura da dila suka ninka kusan sau uku a wurin, suka daɗe suna gogayya da juna. A ƙauyukanmu, inda kura ta yi ƙaranci, magajin wannan gurbi kare ne. Kare kuwa yana cizo, yana shiga gida, yana wasa da yara, kuma shi ne ke ɗauke da ciwon haukan da in alamunsa suka bayyana a jikin mutum sai dai addu'a.

A nan kalma ta uku ta shigo. Muna ce wa ungulu ƙazama. Idan yaro ya ƙi wanka, ko ya ci abu daga ƙasa, da ita ake yi masa gori. Amma me ake nufi da ƙazami? Wanda ke kawo datti, ko wanda ke taɓa shi? Harshenmu ya haɗa su biyun a kalma ɗaya, kuma a nan zaluncin yake. Tsintsiya kullum a cikin shara take, ba wanda ya ce ita ta kawo sharar. Ko sanƙon nan da ake yi mata dariya a kansa kayan aiki ne: kan da ba gashi ba ya riƙe jini da majina idan an zura shi cikin gawa, rana takan busar da shi da wuri, yana kuma taimaka mata fitar da zafin jiki. In akwai ruwa kusa, bayan ta ci takan je ta yi wanka, ta koma gefe ta shanya fukafukai. Na sha ganin haka a bakin kududdufi ina yaro, ban taɓa haɗa shi da kalmar tsafta ba, domin an riga an gaya mini sunanta.

To, yaya take cin abin da zai kwantar da mutum, ita kuwa ta tashi garau? Amsar tana cikin kalma ta huɗu. Mukan ce ungulu ta koma gidanta na tsamiya idan mutum ya koma wa tsohon halinsa, ko ya dawo matsayin da ya baro. Asalin maganar gaskiya ce ta ido: ungulun gari a kan dogayen itatuwa masu duhun ganye take sheƙa, irin su tsamiya da maɗaci, kuma takan koma sheƙa ɗaya shekara da shekaru. Amma duk lokacin da na ji kalmar tsamiya sai in ji tsami a cikinta, in tuna cewa ungulu tana da wani gidan tsamin da take yawo da shi a cikinta.

Masana suna auna tsami da ma'aunin da suke kira pH. Ruwan sha mai kyau yana wajen 7. Duk lokacin da lamba ta sauka da ɗaya, tsami ya ninka sau goma. Jiƙon tsamiyar da ake dama kunu da shi yana wajen 3, ruwan lemon tsami wajen 2. A 1975 David Houston da John Cooper suka auna cikin ungulun daji mai farin baya, irin wadda ta buɗe jakin nan, suka tarar yana tsakanin 1 da 2. Idan ya sauka zuwa 1, ya ninka jiƙon tsamiya sau ɗari ke nan, ya doshi ruwan batir. Cikin ɗan'adam ma yana da tsami sosai idan babu abinci a ciki, ruwan asid ɗin iri ɗaya ne, amma namu yakan sassauta da zarar mun cika shi da tuwo. Ita kuwa ba ta zuba abinci gaba ɗaya. Abin da ta haɗiya yakan tsaya a wata jaka da ke gindin wuyanta, wadda ake ganin ta kumbura bayan ta ƙoshi, daga can yake gangarawa kaɗan-kaɗan zuwa tukunyar tsamin.

Abin da tsamin ke yi a can, kowace mace da ta taɓa ɗiga lemon tsami a madara ta ga misalinsa: nan take madarar ta tsinke, ta canja kama, ba ta komawa yadda take. Jikin ƙwayar cuta da irin sinadarin da ke cikin madara aka gina shi, don haka idan ta faɗa cikin tsami mai ƙarfi sai gininta ya warware. Nama ya narke, ƙananan ƙasusuwa su yi laushi, gashi da kofato waɗanda ba su narkewa ta dunƙule su ta amayar. Wani bincike da aka wallafa a 2014 a kan ungulayen Amurka guda 50 ya nuna girman wannan tankaɗe: an samu nau'in ƙwayoyin cuta 528 a fatar fuskarsu, amma 76 kacal a ƙarshen hanjinsu. Waɗanda suka tsira ɗin ma, akasarinsu irin da jikin tsuntsuwar ya saba zama da su ne. Kare ko ƙuda idan ya ci mushe yakan kwashi cuta ya kai gaba. Ungulu idan ta ci, ga mafi yawan ƙwayoyin nan tafiya ta ƙare.

Amma kada son ungulu ya sa mu ɗora mata abin da ba ta iyawa. Tsaminta yana da iyaka biyu, kuma sanin su yana da amfani ga duk mai dabba.

Iyaka ta farko ita ce cutar saifa, wadda likitocin dabbobi ke kira antaraks, wadda aka tabbatar da ɓullarta a wata gona kusa da Suleja a watan Yulin 2023. Ƙwayar wannan cuta tana da kama biyu. Tana cikin jini a sake, tsamin ungulu yana kashe ta. Amma idan aka buɗe gawa iska ta shiga, sai ta yi wa kanta ɓawo mai tauri, ta kwanta kamar irin ciyawa a rani, tana iya shekaru da dama a cikin ƙasa tana jiran dabbar da za ta yi kiwo a wurin. Wannan mai ɓawon tana iya ratsa cikin ungulu ta fita da ranta. Don haka idan saniya ta faɗi farat ɗaya ba ta yi jinya ba, baƙin jini mara daskarewa yana fita ta hanci da baki da dubura, ta kumbura da wuri, jikinta bai sandare ba, wannan ba ta ungulu ba ce, ba ta mahauci ba ce. Kada a feɗe, kada a ja ta a ƙasa. A kira ma'aikacin lafiyar dabbobi, a ƙone ta ƙurmus ko a binne ta da zurfi.

Iyaka ta biyu ta fi ciwo. Tsami yana kashe abu mai rai, amma ba ya kashe guba. Wani lokaci ma taimaka mata yake yi: ɓarɓashin harsashin dalma da ya maƙale a naman da maharbi ya bari, tsamin nan ne ke narkar da shi ya shiga jinin tsuntsuwar, kuma mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani. A Indiya abin ya zo ta hanyar magani. Daga shekarun 1990 makiyaya suka riƙa yi wa shanu allurar dikulofinak, maganin ciwon jiki mai araha. Saniyar da ta mutu da maganin a jikinta, ungulun da ta ci namanta sai ƙodarta ta lalace, ta mutu cikin 'yan kwanaki. Kafin a gano dalilin a 2004, a hana amfani da shi ga dabbobi a 2006, fiye da kashi 95 cikin ɗari na manyan ungulayen ƙasar sun tafi. Gawarwakin shanu suka taru, karnukan titi suka yawaita, ruwa ya gurɓace. Wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun ƙiyasta a 2024 cewa rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutane kusan 500,000 a ƙasar tsakanin 2000 da 2005.

A Afirka gubar takan zo ne a buɗe. Wani ya barbaɗa maganin ƙwarin gona a kan mushe don ya kashe karnukan da suka dame shi, sai ragar idanun nan da na kwatanta ta zama tarko: ɗaya ta sauka, saura su biyo, duk su mutu a wuri ɗaya. Alamar ba ta ɓuya. Za ka ga tsuntsaye a zube kewaye da gawa, jakar wuyansu cike, matattun ƙudaje a kan naman, wataƙila da kare ko biyu a gefe. Irin wannan gawa ita ma ƙonewa ake yi, ba a barin ta kwana.

Akwai kuma masu zuba gubar don ungulun kanta. Bahaushe yana cewa an yi wa mutum ungulu da kan zabo idan an yaudare shi, wato an sayar masa da abin banza da sunan abin kirki. A zamanin da aka yi wannan magana, ungulu ce abin da ba shi da daraja, zabo ne ake nema. Yau kan ungulun ake bi da kuɗi, ana sayar da shi a rumfunan masu kayan tsibbu daga nan har gaɓar teku, wai mai hangen nesa zai ba da sa'a da sanin gaibu. A 2020 an kashe ungulayen gari fiye da 2,000 da guba a Gini Bisau, da yawa an tarar an yanke musu kai. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta saka ungulun garinmu a sahun da ke dab da ƙarewa. Tsuntsuwa ce mai ƙwai ɗaya tak a shekara, ta kwanta a kansa wajen kwana 50, ta yi watanni tana ciyar da ɗan. Abin da aka kashe a wuni ɗaya, shekaru ba su mayar da shi. Hangen nata kuwa ba asiri ba ne da za a daka a turmi. Na gaya muku inda yake: rana, da iska, da haƙuri, da idon 'yar'uwa.

Da na tashi daga rumfar mai shayin nan, sai na bi ta bayan gari inda ake zubar da tumbi da ragowar yanka. Karnuka uku ne a wurin, da ƙudajen da ake jin kukansu tun daga nesa. Wani yaro mai tallar rake ya ga na tsaya ina duban wata tsohuwar tsamiya, ya ce, "Baba, me kake nema a sama?"

Na ce, "Ungulu, ɗana. Ka taɓa ganinta?"

Ya yi shiru yana tunani, sannan ya ce, "Ta cikin karin magana?"

Na rasa amsar da zan ba shi a lokacin. Yanzu ina da ita, kuma ba mai tsawo ba ce. Abin da ungulu ke buƙata daga gare mu kaɗan ne: kada a sa guba a mushe, kada a yar da dabbar da ta mutu da allurar dikulofinak a jikinta a fili, kada a sayi kanta, kada a sare doguwar itaciyar da aka ga sheƙa a kai. Kakanninmu sun faɗi komawa gidan tsamiya a matsayin gori. Ni a yau fata nake yi da ita. Ina so wata safiya, hantsi ya ɗaga, duwatsun Rano su ɗauki zafi, yaron nan ya ɗaga kai ya ga ɗigo guda yana kewaya, ya ga na biyu ya biyo shi daga wajen Kibiya, ya san cewa maganar da ya gada daga bakin tsofaffi tana da fukafukai.